Yadda Sabon Malami Zai Rubuta Tsarin Ci Gabansa na Shekara Uku

Sababbin malamai da dama sun sha tambayata yadda ake rubuta tsarin ci gaban malami, wato takardar da mutum ke zayyana abin da yake son ƙwarewa a kai, da shaidar da za ta nuna ya ƙware, da lokacin da ya ɗibar wa kowane abu. Wasu shugaban makaranta ne ya nema a wajensu, wasu kuma a wurin bita suka ji batun. Zan bi matakan ɗaya bayan ɗaya, da misalin malamar firamare mai NCE wadda aka ɗauka aikin gwamnati a arewacin Najeriya, aka ba ta 'yan aji biyu su sittin. Malamin sakandare ma zai iya bin tsarin, darasin kawai zai sauya.

Kayan aikin ba su da yawa: littafin rubutu mai bango mai kauri, fayil ɗaya na roba, kalandar zangon karatu ta jiharku, manhajar ajin da kake koyarwa, takardar ɗaukarka aiki, da wayar da ke ɗaukar hoto. Abin da zai ci kuɗi sosai yana mataki na biyar.

1. Fara da sanin inda kake

Kada ka rubuta buri ko ɗaya a makon farko. Ka ba kanka mako huɗu zuwa shida kana koyarwa kana lura, domin burin da aka rubuta kafin a san aji yawanci kwafi ne daga littafin kwaleji.

A cikin waɗannan makonni abu biyu za ka auna. Na farko kai kanka. Kowace rana bayan an tashi, ka rubuta layi uku a littafinka: abin da ya tafi daidai, abin da ya lalace, da wurin da darasin ya lalace. Wurin nan shi ne mai muhimmanci. "Yara sun yi surutu" ba ya koya maka komai. "Surutu ya tashi lokacin da na juya ina rubutu a allo na tsawon minti goma" ya nuna maka ainihin matsalar, kuma maganinta shi ne ka rubuta allon kafin darasi ya fara. Bayan wata ɗaya ka karanta abin da ka tara, za ka ga abu biyu ko uku suna ta dawowa. Ka kuma roƙi wani tsohon malami ya zauna a bayan aji sau ɗaya, ya faɗa maka abin da ya gani.

Na biyu yaran. A nan ne malamarmu ta misali ta yi aikin da duk sauran tsarin ya dogara a kai. Ta shirya takarda ɗaya mai sashe huɗu: haruffa goma, gaɓoɓi goma irin su ba, ki, mu, kalmomi goma gajeru, da labari na jimla huɗu. Tana kiran yaro ɗaya a lokaci guda, ta ba shi kamar minti uku, ta rubuta matakin da ya tsaya. Yara goma a rana, cikin kwana shida ta gama da sittin. Mu ɗauka ta samu haka: 22 ba su san haruffa ba, 21 sun san haruffa amma ba sa iya haɗa gaɓa, 12 suna karanta kalma, 5 suna karanta labarin. Ta rubuta kwanan wata, ta sa takardar a fayil.

Hattara: kada ka auna yara ta hanyar amsawar taro. Ajin da ke rera "ba, be, bi, bo, bu" baki ɗaya yana iya zama rabinsa bin murya kawai yake yi. Sai an ware yaro shi kaɗai gaskiya ke fitowa. Kada kuma ka yi amfani da makin zangon da ya wuce a matsayin ma'auni, tunda ba ka san yadda aka ba da shi ba.

2. Raba takardar gida biyu

Ci gaban malami yana da fuska biyu, kuma haɗa su a jeri ɗaya ne ke rikita tsarin mutane da yawa. Akwai na cikin aji: riƙe yara, shirya darasi, koyarwa, aunawa. Akwai kuma na takardu: rajista da Hukumar Rajistar Malamai ta Najeriya, TRCN, da tabbatar da aiki, da ƙarin girma, da ƙaro karatu.

Dalilin rabawar shi ne burin takardu yana da ranar da wasu ne suka tsayar, na aji kuwa kai ke tsayar da ranarsa. Idan suna jeri ɗaya, na takardu kan cinye na aji, saboda satifiket ana ganinsa, ƙwarewa kuwa ba ta da hatimi. Sai mutum ya wayi gari bayan shekara uku da tarin takardun bita, ajinsa kuma yana nan yadda ya same shi.

3. Zaɓi buri kaɗan, ka rubuta su yadda za a iya aunawa

A kowace shekara, buri biyu na aji da ɗaya na takardu sun isa. Na san akwai masu cika fom da buri goma don a ga himma, amma malami mai yara sittin da darussan yini guda ba shi da lokacin bin goma.

Kowane buri ya amsa tambaya huɗu: me zai canza, daga nawa zuwa nawa, zuwa yaushe, kuma me zan riƙa yi kowane mako don a kai can. Dubi bambancin waɗannan biyun.

Na farko: "Zan inganta koyar da karatu a ajina."

Na biyu: "Zuwa ƙarshen zango na uku, yaran da ba su san haruffa ba za su ragu daga 22 zuwa ƙasa da 8, masu karanta kalma ko labari kuma su ƙaru daga 17 zuwa 30. Zan raba aji rukuni uku bisa matakinsu, in ware minti 20 kullum don haruffa da gaɓa, in sake aunawa a ƙarshen kowane zango."

Na farkon babu ranar da za a ce ya cika ko bai cika ba. Na biyun kowa zai iya ɗaukar takardar gwaji ya duba. Ka lura kuma malamarmu ba ta ce duk yaran za su iya karatu ba. Akwai masu fashin zuwa, akwai wanda ba ya gani sosai ko ba ya ji sosai ba a gano ba tukuna, akwai waɗanda za a kawo a tsakiyar shekara. Burin da ya ce "duka" ya riga ya faɗi tun ranar da aka rubuta shi, kuma faɗuwar kan sa mutum ya jefar da tsarin gaba ɗaya.

Burinta na biyu a kanta ne: ta fara darasi cikin minti biyar da shiga aji, ta kuma iya dawo da hankalin yara ba tare da bulala ko tsawa ba. Yadda za ta yi shi ne ta tsayar da alama guda ta yin shiru, ta koya wa yaran ita a makon farko, ta naɗa masu raba littattafai a kowane layi, ta rubuta allo kafin a shigo.

Hattara: kada ka sa burin da ba ya hannunka. "A samo wa ajina benci" buƙata ce, wurinta takardar da za a kai wa shugaban makaranta ko kwamitin kula da makaranta na al'umma. A tsarinka ka rubuta abin da za ka iya yi ko da bencin bai zo ba. Haka nan "zan halarci bita uku" ba buri ba ne, domin ba kai ke zaɓen masu zuwa bita ba, kuma zuwan kansa bai canza komai a aji ba. Idan an tura ka, sai ka rubuta abu ɗaya da za ka gwada daga ciki, da makon da za ka gwada shi.

4. Tsayar da shaida tun kafin ka fara

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi cancanta a daɗe a kansa. A gaban kowane buri ka rubuta abin da za ka nuna wa wanda bai taɓa shiga ajinka ba har ya yarda. Ka tsayar da shi yanzu, saboda shaidar da ba a ɗauka a lokacinta ba, ta tafi ke nan. Ba za ka iya komawa watan Oktoba ka auna yara ba bayan Yuli ya zo.

Shaida mafi ƙarfi ita ce aikin yara. Malamarmu ta zaɓi yara shida, biyu daga kowane rukuni, tana ɗaukar hoton shafi ɗaya na littafinsu a farkon kowane wata. Yaran nan shida ba a canza su. Idan aka jera hotunan yaro ɗaya daga farkon shekara zuwa ƙarshenta, ci gaba ko rashinsa a fili yake. Wanda ke zaɓen littafin da ya fi kyau kowane wata, kansa yake ruɗa.

Sai sakamakon gwajin nan na mutum ɗaya ɗaya, sau huɗu a shekara: a farko, da ƙarshen kowane zango. Wahalar gwajin ta zama iri ɗaya, amma a sauya kalmomin da labarin, don yara suna haddacewa. Idan aka ga yaro yana karanta labarin idonsa ba ya kan takarda, to hadda ce, a ba shi wani.

Sai abin da wani ya gani. Sau ɗaya a zango, tsohon malami ko shugaban makaranta ya zauna a darasinka. Kada ka ce masa "duba mini koyarwata" kawai, zai ce ma sha Allah ka yi ƙoƙari, a tashi ba a ƙaru da komai ba. Ba shi aiki takamaimai: ya duba agogo ya rubuta minti nawa aka ɗauka kafin darasi ya fara, ya ƙirga yara nawa ka kira da suna, mata nawa maza nawa, na gaba nawa na baya nawa. Ya rubuta, ya sa hannu da kwanan wata. Malamai da yawa sai ta wannan ƙidayar suke gane cewa layi biyu na gaba kaɗai suke koyarwa.

Sai takardun shirin darasinka. Ka ajiye ɗaya daga kowane wata, wanda shugaban makaranta ya sa wa hannu, tare da abin da ka rubuta a ƙasansa bayan darasin. Satifiket na bita shi ne na ƙarshe a jeri. Yana nuna ka je, kuma yana da amfani a fayil ɗin ofis, amma a tsarinka sai an haɗa shi da shirin darasin da ka gwada abin da aka koya.

Hattara biyu a nan. Aikin yara amana ne: ka ɗauki hoton littafi ban da fuska, kada ka sa shi a kafofin sada zumunta, idan kuma fayil zai fita daga makaranta ka rufe sunaye ka sa lamba. Sannan wayar kan lalace ko ta ɓace. Ƙarshen kowane zango ka tura hotunan zuwa imel ɗinka, muhimman takardu kuma ka yi musu kwafi ka ajiye a gida.

5. Burin takardu da kuɗinsa

A Najeriya NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa, kuma doka ta ɗora wa TRCN, wadda aka kafa a 1993, rajistar malamai da ba su lasisi. Hukumar ta kasa malamai rukuni huɗu: D masu NCE, C masu digiri na farko, B masu digiri na biyu, A masu digirin digirgir. Akwai jarrabawar cancanta da ake yi a kwamfuta kafin rajista. Idan ba ka da rajistar, ita ce burin takardu na shekarar farko. Wanda kuma digirinsa ba na fannin koyarwa ba ne, sai ya sa difloma ta koyarwa, PGDE, a gaba. Jami'o'i suna yin ta, haka ma Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke Kaduna, wadda ke da cibiyoyin karatu a jihohi ga masu aiki.

Shekara ta biyu ta tabbatar da aiki ce, domin a aikin gwamnati galibi shekara biyu ake yi na gwaji kafin a tabbatar da ma'aikaci. Kada ka zauna jiran takardar ta zo da kanta. Tun wata shida kafin lokacin ka je ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukumarku, ka tambayi abin da ake buƙata, ka tabbatar fayil ɗinka na can yana da kwafin takardar ɗaukar aiki, da ta kama aiki, da shaidun karatu. Fom ɗin kimanta aiki na shekara shekara ma ka cika shi a kan lokaci, ka riƙe kwafi. A nan fayil ɗin shaidarka zai yi maka rana, tunda abin da za ka rubuta a fom ɗin yana ciki a shirye.

Shekara ta uku ce ta shirin ƙaro karatu, kamar mai NCE ya nemi digiri. Ka nemi izini a rubuce kafin ka fara kowane karatu, ko na lokacin hutu ne. Shaidar da aka samo ba da izini ba takan sha wahala kafin a amince da ita wajen ƙarin girma.

Game da kuɗi, ka tambayi adadin da ake biya a ofishin TRCN na jiharku ko a shafinta, ka rubuta shi da ranar da ka tambaya, saboda yana canzawa. Ka ƙara kuɗin mota, hoton fasfo, kwafin takardu da data, ka ɗora wani abu a sama don tashin farashi. Sai ka raba jimlar da yawan watannin da suka rage. A ɗauka shekarar farko ta karatu za ta ci naira 120,000 kuma saura wata 20, ka ga naira 6,000 ke nan duk wata. Idan albashi ba zai ɗauka ba, ka matsar da ranar tun yanzu a kan takarda, ya fi ka fara ka tsaya a tsakiya.

Hattara: kuɗin hukuma a biya ta hanyar da ta tsayar, a karɓi rasit. Duk wanda ya ce ka ba shi a hannu ya samo maka lasisi ba tare da jarrabawa ba, ka guje shi.

6. Shimfiɗa shi a kan zanguna tara

Shekara uku zango tara ce, kuma da zango ya kamata ka yi lissafi, ba da watannin kalanda ba. Ja layi ka yi gida tara a shafi biyu masu fuskantar juna. A kowane gida ka rubuta abin da za ka yi, da shaidar da za ka ɗauka, da makon ɗaukarta.

Zango yakan kai mako goma sha biyu ko sha uku, amma na koyarwa sosai ba su kai haka ba. Makon farko yara ba su gama dawowa ba, biyun ƙarshe kuma na bitar darussa da jarrabawa da cika katin sakamako ne. Saboda haka gwajinka na karatu ka sa shi mako biyu kafin jarrabawa. Ka duba inda azumi da sallah za su faɗo, tunda kowace shekara suna matsowa da kusan kwana goma sha ɗaya. A makarantar karkara ka sa lokacin shuka da na girbi a lissafi, da ranar kasuwa. Aunawar da aka yi ranar kasuwa yaran da suka fi buƙatarta ne ba za ta samu ba.

Shekarar farko ka cika ta dalla dalla, mako mako in ya yiwu. Ta biyu ka rubuta ta zango zango. Ta uku layi biyu ko uku sun isa, da fensir. Ga malamarmu, shekarar farko riƙe aji ne da haruffa da gaɓa. Ta biyu karatu da fahimta, da koyon tsara tambayoyin gwaji masu bambance wanda ya gane da wanda ya haddace. Ta uku ta ɗauki darasi ɗaya da take jin tsoronsa, a ce lissafi, ta kuma fara taimaka wa wani sabon malami da irin gwajin da ta saba da shi.

7. Nemi wanda zai riƙa tambayarka

Kai wa shugaban makaranta tsarin ya gani ya sa hannu, amma mai bibiyarka ba dole ne ya zama shi ba. Ka nemi malamin da ka ga ajinsa a natse yake kuma yaransa suna iya abin da ya koyar, ko da ba shi da babban muƙami. Ka je masa da ladabi da buƙata ƙarama: "Malam, ina neman alfarma, sau ɗaya a wata in kawo maka littafina ka duba na minti goma sha biyar." Mutane sun fi amsa roƙon da suka san iyakarsa. Ka sa ranar a jadawali, misali Alhamis ta ƙarshen wata bayan an tashi.

8. Bita a ƙarshen zango, da abin yi idan lissafi bai fito ba

A makon ƙarshe na kowane zango ka zauna awa ɗaya da fayil ɗin. A gaban kowane buri ka rubuta ɗaya daga uku: ya cika, yana tafiya, ko ya tsaya. Kada ka goge tsohon buri. Ja masa layi ɗaya, ka rubuta sabon a ƙasa da dalilin sauyin da kwanan wata.

A ce malamarmu ta sake aunawa a ƙarshen zangon farko, ta ga 22 ɗin nan sun koma 19 kawai. Kafin ta yanke cewa hanyar ba ta aiki, akwai abu uku da za ta duba a jere. Na farko littafinta: minti 20 ɗin nan, kwana nawa aka yi su da gaske? Idan kwana biyu a mako ake yi, ba a gwada hanyar ba tukuna, jadawalin ne ke buƙatar gyara. Na biyu rajista: su wane ne 19 ɗin? Idan goma daga cikinsu masu fashi ne, aikin ya koma wajen iyaye da kwamitin makaranta, sai ta ware su a lissafi don ta ga yadda masu zuwa kullum suke tafiya. Na uku, idan darasin ana yinsa kuma yaran suna zuwa, to sai a taɓa koyarwar: wataƙila haruffan da take bayarwa a mako sun yi yawa, ko tana koyar da sunan harafi ba sautinsa ba, wanda ke sa haɗa gaɓa ya yi wa yaro wuya. Abu ɗaya za ta canza a zango na biyu, don ta san wanda ya yi tasiri.

Yana kuma faruwa a sauya wa malami aji ko makaranta a tsakiyar shekara. Idan haka ta faru, ka auna yaran karo na ƙarshe kafin ka tafi, ka ba wanda ya gaje ka kwafin sakamakon, ka rubuta a tsarinka ranar da burin ya tsaya da inda ya kai. Burin da ke kanka da na takardu suna tafiya tare da kai yadda suke. Na yara kuwa sai ka koma mataki na farko a sabon ajin, ka ba kanka mako huɗu na lura da aunawa, sannan ka rubuta sababbin lambobi a gidan zangon da kake ciki.